Jama'a ku duba akwatin imel ɗinku yau, canza fasuwod kaɗai ba ya korar ɓarawo

Abin da ya faru a wajen aikinmu ne ya sa nake wannan rubutun, don wallahi saura kaɗan kuɗin wani kwastoma su shiga hannun 'yan damfara da sunanmu.

Yadda suke yi ke nan: su aiko maka da saƙo mai link, ka shiga wani shafi na bogi ka rubuta fasuwod ɗinka, shi ke nan sun samu ƙofa. Amma ba sa taɓa komai da farko, sai su je wajen saitin imel su kafa doka guda biyu, wato umarnin da imel ke bi da kansa kan saƙonnin da ke shigowa, su koma gefe suna kallo.

Namu a akwatin imel na akantanmu aka kafa su. Doka ta farko ta ce duk saƙon da ke da kalmar "invoice" ko "payment" a tura kwafinsa zuwa wani adireshi na waje. Ta biyun kuwa ita ce muguwar, duk amsar da ta fito daga wannan kwastoman a sa mata alamar an karanta, a kai ta folda "RSS Feeds", wadda ba mai buɗewa. Sunan dokar ma ɗigo ɗaya ne kawai ".", ido ya wuce ta. To da lokacin biya ya matso, ɓarawon ya rubuta wa kwastoma daga ainihin adireshinmu cewa mun canza asusun banki, kwastoma ya amsa yana tambaya ko da gaske ne, amsar ta faɗa waccan foldar, ɓarawon ne ya gani ya ce masa e. Allah ne ya sa mutumin ya ɗaga waya ya kira mu.

Alamar da muka yi sakaci da ita: mutane suna cewa "ai na ba ka amsa" kai kuma ba ka ga komai ba. Kar ka ce matsalar netwok ce.

Idan Outlook ne ka buɗe shi ta burawuza, ka shiga Settings, Mail, Rules, sannan ka duba Forwarding daban, don wurare biyu ne. A Gmail kuma "Filters and Blocked Addresses" da "Forwarding and POP/IMAP". Idan Outlook na wajen aiki ne, mai kula da kwamfutocinku ya duba da wannan umarnin a Exchange PowerShell, saboda akwai dokokin da ba sa fitowa a saitin:

```
Get-InboxRule -Mailbox adireshi -IncludeHidden
```

Kuma fa dokar ba a wayarka take ba, a saba take zaune, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da imel ɗin, shi ya sa ko ka canza fasuwod tana ci gaba da tura masa saƙonninka. Ka ɗauki hotonta tukuna don shaida, ka goge ta, a fitar da duk na'urorin da ke ciki, a kunna tantancewa mataki biyu. Sai ka bi Sent da Deleted ka ga waɗanda aka rubuta wa da sunanka, ka kira su ɗaya bayan ɗaya da tsohuwar lambar da ka sani, ba wadda ke cikin saƙon ba.