Panon wutar hasken rana mai 300W ko mai 280W: wanne zan ɗauka?

"Salamu alaikum ƴan uwa. Na ga pano biyu a kasuwa. Na farko an rubuta 300W, ±10%, Vmp 18V, Imp 11.1A. Na biyu 280W, 0~+5W, Vmp 31.5V, Imp 8.89A, kuma ya fi tsada da jaka 15. Batirina na bolt 12 ne. Mai shago ya ce in ɗauki na farko tunda ya fi wat. Ku ba ni shawara."

Wa alaikumus salam ƙanena. Ɗauki mai 280 ɗin, amma da sharaɗi guda wanda zan faɗa maka a ƙasa, kada ka biya kuɗi sai ka karanta shi.

Irinsa huɗu ne a kan rufin gidana nan unguwar Zariya ta Maradi. Ranar da aka ɗora su ina tsaye ƙasa riƙe da tsani, yaron da ya haɗa ya ce in je in duba allon regilater, na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir daga pano. Da azahar ta gabato na ga lamba tana hawa har ta wuce wat 900, gilashin kuma sabo ne fes, ba ƙura. Azumin shekarar da zafi ya zo, wuta tana ɗaukewa, amma firigon uwargida bai tsaya ba. Ƙanƙara da zoɓo take sayarwa, kafin la'asar sakaliya yaran maƙwabta sun yi layi da kwanoni a zaure. Har yau ba su ba ni ciwon kai ba, wanki kawai nake musu.

Irin na farkon kuwa na taɓa saye guda ɗaya, fanka biyu ma bai riƙe mini har asuba ba, na ba da shi.

Fara da lissafin da za ka yi a wayarka kana tsaye gaban mai shago. Wat ba wani abin ɓoye ba ne, bolt ne aka ninka da amfer. Vmp shi ne bolt ɗin da pano ke bayarwa lokacin da yake aiki da iyakar ƙarfinsa, Imp kuma amfer ɗin wannan lokacin. In ka ninka su, dole su ba ka lambar da aka rubuta a gaban Pmax, wato wat ɗin panon. Na biyu: 31.5 sau 8.89, ya ba da 280, takardarsa ta yarda da kanta. Na farko: 18 sau 11.1, bai cika 200 ba ma. To ina sauran wat 100 ɗin? Babu su. Pano ne na wat 200 aka sa wa babbar riga, wanda ya buga takardar ya canza lambar sama ya bar na ƙasa.

Sai maganar ±10% da 0~+5W, wadda na ga mutane da yawa ba su ko kallonta. Masana'anta ba ta iya fitar da pano dubu su zo daidai wa daida, shi ya sa take faɗa maka iyakar abin da zai iya ƙaruwa ko ya ragu. Mu ɗauka ma 300 ɗin gaskiya ne. Ma'anar ±10% ita ce za a iya miƙo maka mai wat 270, ka biya kuɗin 300, kuma ba ka da bakin magana don an rubuta. Ma'anar 0~+5W kuwa ba zai gaza 280 ba, yana iya kaiwa 285. Ka lura ɗayan kaso ne cikin ɗari, ɗayan kuma wat ne zalla, kada a rikita ka. Ni a ganina duk masana'antar da ta bar wa kanta filin kashi 10 ƙasa, ba ta auna kayanta ɗaya bayan ɗaya.

Ko shi mai 280 ɗin, kada ka sa rai ka ga 280 a Maradi, kuma in ba ka gani ba kada ka ce an cuce ka. Lambar an auna ta ne a yanayin da suke rubutawa STC: hasken wat 1000 a kan kowane murabba'in mita, pano ɗin kansa kuma yana da zafin digiri 25. Zafin pano ake nufi, ba na iska ba. A watan Afrilu nan garin iska kanta ta wuce 40, ɗora hannunka kan gilashin da tsakar rana ka ji, yana kaiwa 65. Pano kuwa zafi rage masa ƙarfi yake. Nemi layin da aka rubuta wani abu kamar -0.40%/°C. Daga 25 zuwa 65 digiri 40 ne, ka ninka da 0.40, ka yi asarar kashi 16. Mai 280 ya koma wajen 235. Shi ya sa huɗuna, da a takarda suke 1120, nake murna in na ga 900 da ɗoriya. Ƙurar hunturu ma tana cin nata rabon in ba a wankewa. Ka bar sarari tsakanin pano da kwanon rufi iska ta riƙa ratsawa, kada a lafta shi kan kwano.

Ga sharaɗin. Batirinka na bolt 12 ne, panon kuma 31.5 yake fitarwa. In regilater ɗinka ƙaramin nan ne mai araha da aka rubuta PWM, zai janyo bolt ɗin pano ya sauko daidai da na batir, wajen 13.5, amfer kuma ba zai ƙaru ba. Ninka 13.5 da 8.89, wat 120 kawai ke shiga, fiye da rabi ya tafi a banza. A kan irin wannan regilater ɗin, gaskiya na farkon ma zai fi shi cika batir, in har amfer 11.1 ɗinsa ba ƙarya ba ce. Wanda aka rubuta MPPT shi ke mai da rarar bolt ɗin ta zama amfer. Saboda haka ka sa kuɗin MPPT cikin lissafinka tun yanzu, mai amfer 20 zai ɗauki pano ɗaya, mai 30 ya fi ba ka sarari. Ka duba kuma bolt ɗin da yake karɓa daga pano ya ɗara lambar Voc da ke takardar panon, wato bolt ɗinsa lokacin da ba a haɗa shi da komai ba.

Abin da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa: wasu masu shago za su fitar da pano rana, su sa mita, su nuna maka bolt ya cika, su ce ka gani lafiya lau. Wannan awon ba ya nuna ƙarfi, ƙaramin pano na wat 50 ma zai nuna bolt 21 a rana. Ka ce a juya mitar wajen amfer a auna da tsakar rana, a gwada da lambar Isc da ke takardar, wato amfer ɗin da yake bayarwa in an haɗe wayoyinsa biyu kai tsaye. Ka tabbata mitar tana ɗaukar amfer ɗin, don da yawansu iyakarsu 10. Kuma ka tafi da mitar tela. Pano mai kyau na yanzu yana ba da wat 200 zuwa 220 ne a murabba'in mita. Wanda na yi nadamarsa da na auna, tsawo mita 1.48, faɗi 0.67, bai cika murabba'in mita ɗaya ba, amma 300W ke manne bayansa. Duba takardar ma da farce, in ka ji wata ƙarƙashinta ka ajiye shi ka wuce shago na gaba.

Ka ɗauki mai 280 da MPPT. In kuɗin bai kai duka biyun ba wannan watan, ka jira na gaba. Turo mini hoton regilater ɗin da ke gidanka in duba maka kafin ka koma kasuwa.