Ana danna talla amma ba a saye: shafi ne, masu kallo ne, ko alkawarin tallar?

"Salam 'yan uwa. Ina sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari. Na yi talla a Facebook da Instagram, an nuna ta sau 30,000, mutum 1,200 suka danna, amma biyar kacal suka saya a shafina. A tallar na sa bidiyon shadda mai kyau, na rubuta 'farashi daga ₦9,000'. Shafin ne ba shi da kyau, ko ba masu saye nake nuna wa ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Duka ukun da ake zargi, wato shafi da masu kallo da alkawarin talla, sakamako ɗaya suke bayarwa a ƙarshe, shi ya sa suke rikita mutum. Abin da ya bambanta su shi ne wurin da mutane suke juyawa. Idan ka gano wurin, ka gano mai laifin.

Kafin nan ka tabbatar da lissafin. CTR shi ne kason dannawa cikin yawan nunin talla. A Ads Manager, inda kake ganin lissafin tallarka, akwai CTR (all), wanda yake ƙirga har danna hoto da sunan shago, akwai kuma CTR (link click-through rate), wanda shi ne na waɗanda suka danna hanyar zuwa shafinka. Na biyun za ka riƙe. Sannan ka san halin mutanenmu: mutum zai ga kaya a shafi, ya ɗauki lambar waya, ya dawo WhatsApp a yi ciniki, ya tura kuɗi ta banki, ko ma ya tako har layinku ya taɓa yadin da hannunsa. Wannan ciniki Pixel, wato abin da ake sa wa shafi don ya sanar da Facebook abin da masu ziyara suka yi, ba ya ganinsa. Ka riƙa tambayar duk sabon mai saye inda ya ga kayan, ka rubuta.

To, a fara da shafi da masu kallo, don su ne suka fi kama da juna a matakin farko. Ka buɗe Link clicks da Landing page views kusa da kusa. Na farko yana ƙirga dannawa, na biyu yana ƙirga waɗanda shafin ya buɗe musu. Ba sa taɓa zama daidai, amma a ce cikin 1,200 ɗin nan 500 ne kawai shafin ya buɗe wa, to 700 ba su ma ga kayanka ba. Ko dai shafin yana da nauyi sun gaji da jira, ko kuma tun farko bisa kuskure yatsa ya taɓa.

Yadda za ka raba su: shiga Breakdown ka zaɓi Placement. Idan giɓin yana ko'ina, a Facebook Feed da Instagram duk ɗaya, shafin ne. Idan kuwa ya taru a wuri guda, musamman Audience Network inda talla ke fitowa cikin wasanni da wasu manhajoji, masu kallo ne. Yaro yana wasa da wayar mahaifiyarsa ya so rufe talla ya danna ta. Shi ma shafin ka gwada shi yadda mai saye zai same shi. Kashe Wi-Fi, ɗauki ƙaramar wayar yaron shago, buɗe shi daga cikin manhajar Facebook da data, ka ga daƙiƙa nawa za ka jira kafin hoton farko ya fito. Hotunan shadda da aka ɗora kai tsaye daga kyamara ba tare da rage nauyinsu ba su ne suka fi jawo wannan, kuma PageSpeed Insights zai nuna maka su kyauta.

Akwai wani abu game da masu kallo da nake so ka duba sosai. Idan lokacin haɗa tallar ka zaɓi Traffic a matsayin manufa, Meta, kamfanin Facebook da Instagram, zai nemo maka mutanen da suka fi saurin dannawa, don abin da ka roƙa ke nan. Mai yawan dannawa daban, mai saye daban. Alamarsa ita ce dannawa mai arha ƙwarai, kuma idan ka raba ta Age da Region sai ka ga yawancinta daga matasa ne ko daga jihohin da ba ka kai kaya. Maganinsa canza manufa zuwa Sales, ko zuwa saƙon WhatsApp idan a can kake rufe ciniki.

Yanzu a ce mutum 1,000 shafin ya buɗe wa, kuma wuraren da tallar ta fito babu abin zargi. Saura shafi da alkawari, kuma nan ne na fi son ka tsaya. Wanda shafi ya kora, ya yi nisa kafin ya juya: ya duba launuka, ya sa kaya a kwando, sai ya ci karo da dogon fom, ko kuɗin kai kaya da ba a faɗa masa ba sai a ƙarshe, ko babu hanyar biya sai kati alhali shi tura kuɗi ya saba. Wanda alkawari ya kora kuwa, a fuskar farko yake fita. Ya zo neman abu takamaimai, ya duba, bai gan shi ba, ya koma. A lissafi, na farko zai ba ka Adds to cart da yawa da ciniki kaɗan, misali 90 sun sa a kwando biyar sun biya. Na biyu ko kwandon ba a taɓawa, wataƙila 12 cikin 1,000. Idan ka sa Microsoft Clarity, wanda kyauta ne, za ka kalli yadda mutane suka yi yawo a shafin, ka ga da idonka inda suka tsaya.

A ganina naka ya fi kama da na biyun, saboda kalmar 'daga' da ka sa a gaban farashi. Mai kallo ya ga shadda tana sheƙi a bidiyo, ya ga ₦9,000 a ƙasanta, kansa ya haɗa su wuri guda. Idan atamfa mafi arha ce take ₦9,000, ita kuma shaddar bidiyon ta ninka haka sau huɗu ko biyar, to abin da ya ja dannawar shi ne ya hana sayen. Kamar yaron shago ne ya tsaya bakin layi yana kiran farashin wani kaya yana ɗaga wani; za a shigo da yawa, amma a fita da ɓacin rai. Ya fi muni idan hanyar tana kai mutum shafin farko mai kaya ɗari, ya rasa ma inda shaddar take. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a kasuwanci, don wanda ya ji an ja shi da dabara ba ya dawowa ko ka gyara.

Gwajin da zai raba gardama mai sauƙi ne, sharaɗinsa ka canza abu ɗaya kawai, wato alkawarin. Bar masu kallo yadda suke, bar kuɗin talla yadda yake. Yi sabuwar talla da bidiyon nan, ka rubuta ainihin farashin shaddar da yadi nawa ne, hanyar kuma ta kai mutum kan wannan shaddar kai tsaye. CTR zai sauka, kada hakan ya tayar maka da hankali. A ce ya faɗo daga 4% zuwa 1.5%, wato dannawa 450 a nuni 30,000, amma mutum 40 suka sa a kwando maimakon 12: alkawarin ne. Idan dannawa ta ragu kuma kwandon bai motsa ba, tura hanyar shafin ga tsofaffin kwastomominka ta WhatsApp. Su sun yarda da kai, sun san farashi. Idan su ma suka kira ka suna cewa sun kasa biya, shafin ne. Idan suka saya lafiya lau, koma kan masu kallo.

Kada ka yanke hukunci da yawan ciniki kawai, biyar da bakwai ba su da bambancin da za a dogara da shi. Kwatanta matakin kwando ko yawan saƙonnin WhatsApp, inda adadin ya fi yawa, kuma ka bar tallolin biyu su yi mako guda cur tare, don ranar Juma'a da ranar Litinin ba ciniki ɗaya ake yi ba.