Sharhi: Na loda takardu biyu, na rubuta "Me ya canza?" kawai

Yarjejeniyar aiki ce mai shafi 14, wadda na aika wa ɗaya ɓangaren a fayil na Word domin su duba. Bayan mako guda suka dawo mini da ita a PDF mai shafi 15, tare da saƙon cewa 'yan gyare-gyare ne kaɗan suka yi, ba tare da sun nuna ko wuri ɗaya da suka taɓa ba. Da yake lokacin sa hannu ya matso, sai na gwada wani dandalin bitar takardu da ake loda fayiloli a kansa, inda manhaja ke fara kwatanta su, sannan ma'aikaci ya duba sakamakon ya rubuta rahoto. A akwatin da aka ware domin bayanin buƙata, kalmomi uku kacal na rubuta: "Me ya canza?" Da farko gaggawa ce ta sa na taƙaita, amma daga baya na ga cewa da wannan gajeriyar tambaya aka fi gane ingancin irin wannan hidima, domin duk hukuncin da ya kamata mai takarda ya yanke, ya bar wa mai bita ne ya yanke a madadinsa.

Hukunci na farko shi ne wace takarda ce tsohuwa, wace ce sabuwa. Sunayen fayilolin ba su taimaka da komai ba, domin ɗaya `yarjejeniya_karshe.docx` ne, ɗaya kuma `yarjejeniya_karshe_2.pdf`, kuma na loda su ne a juye. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne na buɗe tsohuwar na sake adana ta a daren da ya gabata, saboda haka ranar gyaran da ke jikin fayil ɗin ta nuna kamar ita ce ta baya-bayan nan. Ma'aikaciyar da aka ba aikina ba ta dogara da wannan ranar ba. Ta lura cewa a gefen takardar Word akwai wata tambaya da na bari game da wa'adin biya, kuma a PDF ɗin an sauya wannan wurin daidai, sai ta ɗauki PDF a matsayin sabuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne ta faɗi hakan a layin farko na rahoton, ta ce ga wadda ta ɗauka tsohuwa, ga dalilinta, kuma idan ta yi kuskure in sanar da ita ta juya rahoton. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da an juya su, wa'adin da aka tsawaita daga kwana 30 zuwa 45 zai fito kamar an rage shi ne daga 45 zuwa 30, kuma duk abin da aka ƙara zai bayyana a matsayin abin da aka goge. Mutum zai karanta rahoton da babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa, ya tashi da fahimtar da ta saɓa wa gaskiya gaba ɗaya.

Hukunci na biyu shi ne abin da za a kira canji. Manhajar ta ƙirga bambance-bambance 212, amma rahoton ya fito da shida ne kawai a sama, ya tara sauran a rukuni-rukuni a ƙasa. Yawancinsu sun samo asali ne daga abubuwan da ba su taɓa ma'ana ba, kamar inda layi ya karye bayan an mayar da takardar PDF, da lambobin shafi, da alamar hamza da na'ura ɗaya ta rubuta a miƙe, ɗayar kuma a lanƙwashe. Ido bai cika bambanta waɗannan alamomi biyu ba, amma a wurin kwamfuta haruffa ne daban, shi ya sa kowace "ma'aikata" da kowace "wa'adi" ta fito da jan layi. Rukuni mafi girma kuwa na haruffa masu ƙugiya ne, domin wani a can ya bi takardar yana gyara k zuwa ƙ, d zuwa ɗ, b zuwa ɓ. A nan ma ma'aikaciyar ta nuna cewa ta karanta, ba ƙirgawa kawai ta yi ba. Ta ce duk gyare-gyaren wannan rukuni daidai suke, in ban da wuri guda a sashe na 5, inda "idan mai aiki ya kasa kammalawa" ya koma "ya ƙasa kammalawa", alamar cewa an yi amfani da sauya-duka ne ba tare da duba kowace kalma ba.

Daga cikin manyan canje-canje shidan, biyu sun isa su nuna yadda rahoton yake. Na farko shi ne wa'adin biyan da na ambata. Na biyu ya fi shi ɓoyuwa, domin kalma ɗaya ce tak aka ƙara: inda tsohuwar ta ce mai ba da aiki "zai biya kuɗin gyaran da ya nema bayan an miƙa aiki", sabuwar ta ce "zai iya biyan kuɗin". Wajibi ya koma zaɓi ke nan. Ga kowane canji, rahoton ya kawo lambar sashe, da tsohon lafazi, da sabon lafazi, da jimla ɗaya da ke bayyana wanda canjin ya amfana, kuma an jera su ne gwargwadon nauyinsu, ba gwargwadon yadda suka zo a shafuka ba. Ba ta ba ni shawarar in yarda ko in ƙi ba, kuma a ganina daidai ta yi, tun da ban tambaya ba.

Da yake ban saba miƙa wuya ga rahoton da ban gwada ba, na sake yin kwatancen da hannuna. Na mayar da tsohuwar takardar PDF ita ma, domin a kwatanta iri ɗaya da iri ɗaya, sannan na ciro rubutun kowace na gwama su kalma da kalma.

```
pdftotext tsohuwa.pdf a.txt
pdftotext sabuwa.pdf b.txt
git diff --no-index --word-diff a.txt b.txt
```

Dalilin sa `--word-diff` shi ne kwatancen asali layi-layi yake bi, saboda haka kalma ɗaya da aka ƙara a tsakiyar dogon layi takan sa a nuna layin gaba ɗaya a matsayin gogagge, a sake kawo shi a matsayin sabo, mutum ya yi ta lalube. Wanda takardunsa biyu duk na Word ne ba ya buƙatar wannan wahala, domin a ƙarƙashin `Review` akwai `Compare`, inda zai zaɓi `Original document` da `Revised document`, ya danna `More` ya cire alama daga `Formatting` da `White space` idan ma'ana kawai yake nema. Sakamakon gwajina ya yi daidai da rahoton a duk wuraren da rubutu ya sauya, ban sami ko kalma ɗaya da ta tsallake ba.

Inda hidimar ta gaza kuwa, wuri ne da rubutu bai sauya ba ko kaɗan. Ɗaya daga cikin canje-canje shidan shi ne an cusa sabon sashe a kan kiyaye sirri, aka ba shi lamba 7, wanda ya tura tsohon sashe na 7, mai magana a kan tarar jinkirin biya, ya koma na 8, sauran da ke bayansa ma kowanne ya matsa da lamba ɗaya. Rahoton ya faɗi wannan, har ya yaba wa kansa da cewa bai ƙirga sauyin lambobin a matsayin canji ba. To amma a sashen da ke ƙayyade diyya, can kusa da ƙarshe, akwai jimlar da ke cewa iyakar diyyar "ba ta shafi abin da ke sashe na 7 ba". Jimlar nan harafi da harafi ɗaya take a takardun biyu, don haka babu manhajar kwatance da za ta ja mata layi. A tsohuwar takarda ma'anarta ita ce tarar da za a biya ni idan an yi mini jinkiri ba ta da iyaka. A sabuwar kuwa ma'anarta ta koma cewa tarar ta shiga cikin iyaka, diyyar da za a ɗora mini idan sirri ya fita ita ce ba ta da iyaka. Lamba ɗaya da aka bari a inda take ta juyar da nauyin daga kansu zuwa kaina. Ba na zargin kowa da ganganci, domin lambar da aka buga da hannu ba ta bin sashe idan ya matsa, sai wadda aka saka ta hanyar `Cross-reference` sannan aka sabunta ta. Ni ma ban gano ba sai da na nemi kalmar "sashe na" a cikin sabuwar takardar, na bi kowace ɗaya bayan ɗaya ina duba inda take nuni. Goma sha ɗaya na samu, tara suna nuni ga sassan da suka zo kafin wurin da aka yi cushen, don haka ba su motsa ba, ɗaya an gyara ta, wannan kaɗai aka bari.

Gazawa ta biyu ta tsari ce. Jadawalin biya da ke rataye a shafi na ƙarshe hoto ne aka liƙa a cikin PDF ɗin, ba rubutu ba, kuma hanyar ganewa mai sauƙi ce, wato idan ka ja linzami a kai ya ƙi zaɓar haruffa, ko ka nemi kalmar da kake gani da idonka aka ce babu ita, to hoto ne. Rahoton ya ambaci cewa ba a kwatanta wannan shafin ba, amma a wani ɗan layi ne a can ƙasa, bayan jerin alamomin hamza. Da na duba da kaina, sai na tarar rabon biyan ya tashi daga kashi 40, 30 da 30 cikin ɗari ya koma 20, 30 da 50, wato an rage na farkon aiki da rabi aka kai ƙarshe. Abin da ba a duba ba, kusa da layin farko ya kamata a ajiye shi, domin wanda ya tambayi abin da ya canza zai ɗauki shiru a matsayin babu canji.

Na rubuta wa ma'aikaciyar na ce, "Malama, aikinki ya yi kyau, amma don Allah ki sake duba sashen diyya tare da sabon sashe na 7, da kuma jadawalin ƙarshe." Ba ta yi gardama ba. Ta amsa cewa bin diddigin nuni tsakanin sassa ba ya cikin abin da suke yi sai an nema, ta aiko da gyararren rahoto mai canje-canje takwas, da jadawalin a sama.

Zan sake amfani da dandalin, musamman idan takarda doguwa ce kuma fayilolin ba iri ɗaya ba ne, domin tace bambanci 212 zuwa shida aiki ne da zai cinye mini yini. Sai dai ba zan ƙara tsayawa a kan kalmomi uku ba. A karo na biyu da na loda takardu, na faɗi wadda ita ce tsohuwa, na ce ma'ana nake nema ba ƙa'idar rubutu ba, na roƙi a bi kowane nuni zuwa lambar sashe a tabbatar yana nan inda yake, kuma a fara rahoton da shafukan da ba a iya karantawa ba. Yarjejeniyar farko kuwa na mayar musu da ita, suka gyara 7 ta koma 8 ba tare da musu ba, muka ci gaba da tattaunawa a kan kashi 20 ɗin nan.