Kalandar bango ko ta waya: wacce ta fi riƙe ranar biya?

"Don Allah 'yan uwa a ba ni shawara. Kuɗin wuta, bashin da nake biya kashi-kashi, da kuɗin makarantar yara duk sun cakuɗe mini, har sau biyu ana cin tarata. In sayi kalandar bango ne ko in dogara da ta waya?"

'Yar uwa, kowacce da inda take da ƙarfi, kuma ni duka biyun nake riƙewa. Amma kafin zaɓi, ranar da za ki rubuta ta fi inda za ki rubuta ta muhimmanci. Kada ki sa ranar da wa'adi ke cika, ki sa ranar da kuɗin zai bar hannunki, wato kwana uku na aiki kafin nan. Idan wa'adi Litinin ne, Laraba ta makon da ya gabata ce ranarki. Tura kuɗi kan maƙale, kuma mai bin bashi da ranar da kuɗi ya shigo masa yake lissafi.

Waya ta fi a kan abin da ke dawowa kowane wata. Ki shigar sau ɗaya, ki ce ta riƙa maimaitawa, ki sa tuni biyu, ɗaya saura mako, ɗaya ranar biyan. Sai dai tana da tarko biyu. Idan kika sa maimaici a ranar 31, wasu manhajojin tsallake duk watan da bai kai 31 ba suke yi, ba ko sallama, sai Fabrairu da Afrilu su wuce shiru. Ki matso da shi zuwa 28 ki huta.

Tarko na biyu shi ya taɓa kama ni. Na karɓi rance ranar 10 ga Janairu, na sa waya ta tuna mini 10 ga kowane wata. Ashe takardar yarjejeniyar "kowane kwana 30" ta ce, ba "kowane wata" ba. Biyan farko ya faɗo 9 ga Fabrairu, na makara da kwana ɗaya, aka ɗora mini tara. Da na zauna na ƙirga da yatsa a kan kalandar bango sai na ga yadda ranar ke yawo: 11 ga Maris, 10 ga Afrilu, 10 ga Mayu, 9 ga Yuni, 9 ga Yuli, 8 ga Agusta. Wayar ba ta yi laifi ba, abin da na gaya mata ta yi. Don haka ki ɗauko takardar bashinki ki duba wanne aka rubuta. In akwai jadawalin biya a ciki, ki kwafe ranakun ɗaya bayan ɗaya.

Ita kuwa kalandar bango ba ta kiran kowa, in kin yi tafiya a gida za ki bar ta. Abin da take yi wanda waya ba ta iya shi sosai shi ne nuna miki watan gaba ɗaya a kallo guda. Ki zagaye ranar da kuɗi ke shigo miki da jan biro, ranakun biya da baƙi. Nan take za ki ga inda biya uku suka taru a mako ɗaya, ko inda bashi ya riga albashi zuwa da kwana biyu. Ganin haka tun farkon wata shi ke ba ki damar roƙon a matsar da ranar, ko ki ware kuɗin tun daga albashin baya. Ga shi kuma duk mai shiga ɗaki yana gani, maigida ba zai ce ba a gaya masa ba. Amma in kuna yawan baƙi, ki rubuta harafin farko kawai, ban da adadi.

Kuɗin makaranta a bango ya fi zama, don ba wata-wata yake zuwa ba, kuma ranar komawa kan canja. Idan saura wata huɗu a koma, ki raba kuɗin gida huɗu, ki rubuta "ajiyar makaranta" a kan kowace ranar albashi kamar bashi ne da ake binki. A waya tuni ɗaya ya isa, saura mako biyu.

Abin da ke haɗa su minti goma ne a mako. Ki zaɓi yamma ɗaya tsayayya, ki tsaya gaban kalandar da waya a hannu, ki duba kwana 14 masu zuwa. Wanda kika biya ki soke shi, amma sai rasit ko saƙon shaidar biya ya zo hannu. Tunin waya da aka share da yatsa ba ya barin alama, shi ya sa mutum zai rantse ya biya alhali sharewa kawai ya yi. In dole ɗaya za ki ɗauka, kuma biyan naki bai wuce huɗu ko biyar ba, ki ɗauki ta bango, ki sa ƙararrawa ɗaya a waya ta wannan yammar.