Rigunan jarirai guda shida da na saya: uku sun yi, uku sun ɓata wa ɗana fata

Saitin nan mai guda shida da ake ta tallarsa a waya, shi na saya wa yarona yana da wata huɗu. Uku farare ne, uku kuma shuɗi mai duhu da zanen taurari. Mai sayarwar ta rantse mini auduga ce zalla, takardar wuyan rigar ma haka ta ce.

Shuɗin na fara sa masa, kuma ban wanke ba, ga shi lokacin zafi. Kwana biyu wuyansa da hammatarsa da matsematsinsa suka yi jawur, yana ta goga wuya a kafaɗata yana kuka. Duk dare ba mu runtsa ba. Na ɗauka ƙurajen zafi ne, na yi ta barbaɗa hoda, abin sai gaba yake. A asibiti likita ta tuɓe shi, ta nuna mini cewa duk inda famfas ya rufe lafiya lau yake, jan ya tsaya ne inda riga ke gogarsa idan ya yi gumi. Ta ce rinin da ake yi wa yadin roba, musamman mai duhu, gumi kan jiƙo shi ya taɓa fata, sannan sabon kaya na zuwa da maganin hana yamutsewa, shi ya sa ake fara wankewa.

Da na koma gida Hajiyarmu ta ce, "Miƙo rigar nan, ke." Ta zaro zare daga bakin yadin ta ciki ta kyasta ashana. Zaren shuɗin ya narke ya dunƙule ya yi tauri, yana warin ƙonanniyar leda. Na farar kuwa ya ci wuta kamar takarda, ya bar toka mai laushi. Ta jiƙa farin ƙyalle ta goga a shuɗin, nan take ya ɗauki launi. Wallahi sai da na yi hawaye, don da hannuna na sa masa.

Fararen dai ba zan ci haƙƙinsu ba. Na wanke su sau biyu da sabulu marar ƙamshi, na ɗauraye sosai, na yanke takardar wuyan, kuma cikin mako guda da su da man da likita ta ba mu fatar ta kwanta. Ɗinkinsu ma bai da kaushi ta ciki. Har na yi niyyar ƙaro fararen.

Sai na tura wa matar hoton wuyan yaron da na zaren da ya narke. Amsarta ita ce, "Maman boy, fatar ɗanki ce ba ta da ƙwari, babu wadda ta taɓa kawo ƙorafi." Ko sannu ba ta ce ba, kuma har yau tana tallar shuɗin da sunan auduga zalla. Na fasa ƙaro fararen. Shuɗin uku suna nan a leda, na ƙi bayar da su kyauta, kada su je jikin ɗan wata.