Kafin ku biya kuɗin manhajar waƙa: me ake saya a Spotify, Apple Music, YouTube Music, Audiomack da Boomplay

Mai sauraron waƙa a Katsina ko Daura, idan ya biya kuɗin wata a manhajar waƙa, babban abin da ya saya shi ne damar sauke waƙoƙi a waya ya ji su ba tare da data ba. Ingancin sauti, da yawan tsallake waƙa, da adadin na'urori duk suna nan a cikin tallar kamfanonin, amma a inda sabis ke ɗaukewa a hanya, data kuma ke da tsada, saukewa ce ke nuna ko kuɗin ya yi rana.

Sai dai kafin a kai ga batun biya, a buɗe manhajar a nemi waƙoƙi goma da aka fi ji. Wannan gwaji ba ya cin ko sisi, kuma yana raba gardama. Sababbin waƙoƙin Hausa galibi ana samun su a Audiomack da Boomplay da YouTube, tsofaffin waƙoƙin kalangu da ƙasidu kuwa sau da yawa YouTube ce ke da su, domin mutane ne suka ɗora da kansu. Idan shida daga cikin goman nan babu su a manhaja, ingancin sautinta bai da amfani gare ku.

Saukewa: wa ke bayarwa kyauta, wa ke sai an biya

A Spotify, wadda ta shigo Najeriya a 2021, matakin kyauta ba ya sauke waƙa sam. Mai Premium ne ke iya saukewa, har waƙa 10,000 a kowace na'ura, a na'urori 5. Ba ta sauke waƙa ɗaya ita kaɗai. Sai an sa ta cikin jerin waƙoƙi ko cikin Liked Songs sannan a sauke jerin gaba ɗaya. YouTube Music ma sai an biya, kuma matakinta na kyauta yana da wani cikas da ya fi talla ciwo: da zarar an kashe fuskar waya ko an fita manhajar, waƙa ta tsaya. Apple Music ba ta da matakin kyauta ko kaɗan, in ban da ɗan lokacin gwaji, amma tana aiki a wayoyin Android, ba iPhone kaɗai ba. Audiomack ce ta bambanta, domin tana barin mutum ya sauke waƙoƙi da yawa a cikin manhajar kyauta, ya haƙura da talla. Wasu waƙoƙin ne kawai ke kulle sai mai biya. Boomplay, wadda ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, ita ma haka tsarinta yake, wasu kyauta wasu sai da kuɗi.

Abin da mutane da yawa ba sa ganewa sai sun biya shi ne, waƙar da aka sauke ba irin wadda masu turi ke zuba wa mutum a memori ba ce. A kulle take cikin manhajar. Ba za ta tafi ta Xender ba, ba za a cire memorin a sa a rediyon mota ko a sifika ta yi ba. Ranar da biyan ya ƙare, waƙoƙin suna daina buɗewa. Kuma Spotify da YouTube Music suna buƙatar wayar ta hau intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30 don su tabbatar mutum na biya. Wanda sifikarsa memori kaɗai take karɓa, babu Bluetooth babu igiya, biyan kuɗin wata ba nasa ba ne.

A ɗauki misalin direban da ke jigila tsakanin Katsina da Daura ta Mashi, yana jin waƙa kamar awa uku a rana. Lissafin ba wuya: a raba lambar kbps, wato ma'aunin yawan datar da sauti ke ci, da takwas, an samu yawan KB da ke tafiya a kowace daƙiƙa. A 160 kbps, minti ɗaya yana cin 1.2 MB, awa ɗaya 72 MB. Awa uku 216 MB ke nan, a wata kuma wajen 6.5 GB idan kai tsaye yake ji daga intanet. Manhajar kan ajiye waƙoƙin da aka maimaita na ɗan lokaci, don haka abin da zai ci a zahiri zai ɗan yi ƙasa da haka, amma ba abin dogaro ba ne. To idan ya sauke waƙa 300 masu minti biyar-biyar a wannan inganci, kowace 6 MB, duka 1.8 GB ne, sau ɗaya tak, kuma ya samu sautin awa 25 da ba ruwansa da sabis. Sai ya kwatanta kuɗin data 6 GB da kuɗin watan da manhajar ta nuna masa a waya. Ga irin wannan mutum, biyan yakan mayar da kansa. Ga wanda ke jin waƙa biyu-uku da daddare kuwa, matakin kyauta ya ishe shi.

Ingancin sauti

Spotify tana da matakai huɗu da aka saba da su: Low kusan 24 kbps, Normal kusan 96, High kusan 160, sai Very high kusan 320, wanda na masu biya ne kaɗai. YouTube Music tana kaiwa 256 kbps ga mai Premium, matsakaicinta 128. Apple Music 256 ce a al'ada, kuma tun 2021 ta ƙara Lossless ba tare da ƙarin kuɗi ba, wato sautin da ba a rage masa komai ba.

A nan ne ake asarar wuri a banza. Waƙa 300 ɗin direban nan, a 320 kbps za su ci 3.6 GB, ninki biyu. A lissafin Apple da kanta, 10 GB na ɗaukar waƙa kusan 3,000 a inganci na al'ada, 1,000 a Lossless, 200 kacal a Hi-Res Lossless. Wayar 32 GB da WhatsApp ya riga ya cinye rabinta ba za ta ɗauka ba. Sannan Bluetooth da kansa yana matse sauti kafin ya kai kunne, saboda haka Lossless ba ya isa yadda yake ta wannan hanya, ko da tsadaddiyar na'urar kunne ce. Sai da igiya, Hi-Res kuma sai an haɗa da wata na'ura ta daban da ake kira DAC. A cikin mota mai ƙarar inji, ko a shago a tsakiyar kasuwa, da wuya kunne ya raba 160 da 320. Tsohuwar waƙar da aka kwafo daga kaset kuwa, duk lambar da aka zaɓa, shuuu ɗin kaset ɗin yana nan.

Shawararmu: a sa ingancin saukewa a High, na ji kai tsaye ta data kuma a Normal. Saituna biyu ne daban, kuma a gyara su kafin a fara saukewa, domin canza inganci daga baya na nufin sake sauke komai, data ta tafi sau biyu. Low a bar shi ga karatu da hira. Kiɗa a 24 kbps yana dusashewa.

Tsallake waƙa

Wannan na masu matakin kyauta ne, kuma Spotify a waya ya fi shafa: idan manhajar ta koma zaɓa wa mutum waƙa da kanta, tsallake shida kawai yake da shi a awa ɗaya. A 2025 ta sassauta, ta bar mai kyauta ya zaɓi waƙar da yake so na wani ɗan lokaci a rana kafin iyakar ta dawo. Duk matakan biya ba su da iyaka. Wanda ya haɗa jerin waƙoƙin da yake so da hannunsa ba ya yawan tsallakewa, don haka wannan kaɗai bai kai dalilin biya ba.

Na'urori nawa, mutum nawa

Lambobi uku ne ake cakuɗawa. Akwai yawan na'urorin da za su iya ajiye waƙa: 5 a Spotify, 10 a YouTube Music, 10 a Apple Music. Akwai yawan waɗanda za su iya ji kai tsaye a lokaci guda, wanda a asusun mutum ɗaya na'ura ɗaya ce. Sai kuma yawan mutane, wanda tsarin iyali ne ke ƙara shi.

Alamar an cakuɗa su ita ce waƙa ta tsaya tsak, waya ta nuna ana amfani da asusun a wani wuri. Yaya ya ba ƙanensa lambar sirri, ƙanen ya danna waƙa a Kofar Kaura, ta yayan ta yanke a Daura. Ba matsalar sabis ba ce. Haka kuma idan aka sauke a na'ura ta shida a Spotify, waƙoƙin wayar da aka fi daɗewa ba a buɗe ba suna gogewa. Masu sayar da asusu mai araha a WhatsApp galibi abin da suke yi ke nan, asusu ɗaya ga mutane barkatai, shi ya sa bayan kwana biyu waƙoƙi ke ɓacewa ko lambar sirri ta canza.

Gidan da mutum uku ko fiye ke sauraro, tsarin iyali ya fi sauƙi a kan kowane kai. Spotify Family da na Apple Music da na YouTube duk mutum 6 ne har da mai biya, kowa da asusunsa da jerinsa, ba mai yanke wa wani. Spotify tana da Duo na mutum biyu, ya dace da mata da miji. Sharaɗin Spotify da YouTube shi ne a zauna a gida ɗaya, kuma Spotify tana tambayar adireshi. Kowa ya shigar da irin wanda mai biya ya sa. Ɗaliban jami'a, irin na Umaru Musa Yar'adua, su gwada tsarin ɗalibai, wanda ke da rangwame amma sai an tabbatar da shaidar makaranta.

Idan waƙoƙin da aka sauke sun ɓace

Bayan kwana 30 ɗin nan da na'ura ta shida, abubuwa huɗu ne suka fi jawo shi. Manhajojin share datti na waya, ko danna Clear data a saitin waya, suna kwashe komai; Clear cache na cikin Spotify kuwa ba ya taɓa abin da aka sauke. Cire manhajar a sake sa ta ma yana gogewa. Na uku memori ne: Spotify da Apple Music a Android suna yarda a ajiye waƙa a memori, amma na jabu, wanda aka rubuta 64 GB alhali bai kai ba, yana karɓar waƙa ya lalata ta, sai a ga jerin yana ta sake saukewa yana cin data. Sai kuma katin banki da aka ƙi karɓa ranar sabuntawa, asusu ya koma na kyauta ba tare da mutum ya lura ba.

Hanyar tabbatarwa kafin a kama hanya: bayan an gama saukewa, a duba alamar kibiya a gefen jerin, wadda a Spotify koriya ce, a kashe data da Wi-Fi, a danna waƙa daga farko, daga tsakiya, da daga ƙarshen jerin. Wadda sunanta ya dusashe ba ta sauka ba. A Spotify a kunna Offline mode yayin tafiya, don kada manhajar ta zarce zuwa waƙoƙin da ba a sauke ba da zarar jerin ya ƙare.