Mai fassarar Faransanci da ya sa na zama idonsa a waya

Da farko niyyata in ba mutumin nan tauraro biyu, saboda ranar da na tura masa hoton takardar Inna, amsar da ya dawo mini da ita layi ɗaya ce: “Malama, wannan ba ya karantuwa.” Na riga na biya rabin kuɗi, kuma kowa ya san abin da masu fassara mai hatimi suke karɓa a kan shafi ɗaya yanzu. Raina ya ɓaci sosai.

Takardar ta haihuwa ce. An haifi Inna a ƙasar Tasawa, cikin jihar Maraɗi, kuma kamar yawancin ’ya’yan karkara na zamaninsu ba a yi mata rajista da aka haife ta ba. Sai daga baya aka je kotu da shaidu aka yanko mata irin takardar nan da ke tsayawa a madadin ta haihuwa, wadda mutanen Nijar ke kira jijima. Tamu ma kwafin kabon ce, an buga ta da tafireta, an cike guraben da biro, ta yi shekaru a ninke huɗu a ƙasan akwati. Wani ɗan’uwanmu mai son gyara kuma ya kai ta aka manne ta da leda, to duk ta inda ka ɗauki hoto sai haske ya kwanta a kan rubutun. Lauyan da ke bin mana maganar gado yana son ta da Turanci, ni kuwa Faransancina bai wuce gaisuwa ba.

Na sake ɗaukar hoto sau shida. Ya ce in kashe filas, in kai ta bakin taga hasken ya zo ta gefe, in kuma tura ta WhatsApp a matsayin Document domin kada a matse hoton ya ƙara dusashewa. Layukan tafireta sun ɗan fito. Na biro kuwa, musamman wanda ya faɗa kan ninki, ko alama. Shi yana Kano, ni ina Katsina, ga Inna ta rantse takardar ba za ta hau motar haya ba.

Sai ya ce in kira shi bayan La’asar, in riƙe takardar a hannu. Na ce, “Malam, ai ban iya karantawa ba.” Ya ce, “Ba karatu nake so ki yi ba. Idonki nake so ki ara mini.”

Wannan kiran, na minti arba’in da wani abu, shi ya sa nake rubuta sharhin nan.

Bai bar ni na fara da kalma ko ɗaya ba. Sai da ya tambayi siffar takardar tukuna: a tsaye take ko a kwance, layi nawa ne daga sama zuwa ƙasa, wane ɓangare ne na tafireta wane ne na hannu, hatimi nawa ne kuma a ina suke, zagaye ne ko mai kusurwa. Na ƙirga layi ashirin da uku. Na ce masa a sama ta hagu akwai manyan baƙaƙe, ƙarƙashinsu kalmomi uku da ’yar sanda a tsakaninsu. Nan take ya ce REPUBLIQUE DU NIGER ne, ukun kuma taken ƙasar, Fraternité, Travail, Progrès. Na duba, haka ne. Ya bayyana mini cewa takardun kotu irin wannan lafazinsu kusan ɗaya ne, shi ya sa idan ya san wace iri ce a hannuna, ya riga ya san mafi yawan abin da tafireta ta buga. Aikin gaske yana cikin guraben da aka cike da hannu: suna, gari, shekara, sunayen iyaye da shaidu.

Daga nan muka bi layi-layi da lamba, kuma ya kafa mini sharaɗi. Duk harafin da zan faɗa, in gaya masa cikin uku wanne ne: na gan shi sarai, ko ina zato, ko babu komai sai tabo. Ya hana ni cewa “kamar Usman aka rubuta”. Dalilinsa ya kama hankalina. Su can Ousmane suke rubutawa, harafi bakwai, ni kuma idona zai nemi biyar, sai in tilasta wa tawadar ta zama abin da na sani. Haka Cima take zama Tchima, Tasawa ta koma Tessaoua. Ya ce in faɗi harafin farko, in ƙiyasta yawan haruffa, in gaya masa wanne ya miƙe sama, wanne ya sauko ƙasan layi, ko akwai ɗigo ko ’yar alama a kan wani.

Mun ɗan yi rikici a nan, kuma laifinsa ne. A Nijar ya yi karatu, ni a Najeriya. Idan na ce “ji” ina nufin G kamar yadda aka koya mana a firamare, shi kuma J yake rubutawa, domin a Faransanci sunayen haruffan biyun a juye suke. Idan na ce “i” ina nufin E, shi I yake ji. Sai da muka ɓata suna guda cur kafin ya farga, ya ce mu koma kiran garuruwa: G na Gusau, J na Jibiya, E na Enugu, I na Ilori. Mutumin da wannan ce sana’arsa ya kamata ya faɗi haka tun farkon kira, ba bayan katina ya yi nisa ba.

Layi na goma sha ɗaya shi ne ya cinye mana lokaci, kuma shi lauya yake nema. Ya faɗa daidai kan ninki. Abin da na iya gani na karanta masa: n, e mai alama a kai, wani e, sai fili, sai v, e, r, s. Ya ce née vers ke nan, wato an haife ta wajajen shekara kaza, kuma e na biyun nan shi ke nuna mace ce. Da na tsallake shi don ina ganin maimaici ne, da ba mu tabbatar cewa takardar ta mace ce daga wannan layin ba. Bayan haka shekarar ta zo da kalmomi, ba da lamba ba: mil neuf cent soixante, sai kalma ta ƙarshe wadda ninki ya cinye. Harafin farko kaɗai ya tsira, d.

Ni a zatona an gama, dubu ɗaya da ɗari tara da sittin da wani abu. Ya ce ko kusa. Faransawa ba su da kalma guda ta saba’in, sittin da goma suke cewa. Don haka soixante da d a gabansa zai iya zama deux, 1962, ko dix, 1970, ko douze, 1972, har ma 1977 zuwa 1979 idan akwai wata kalma bayan dix. Tsakanin na farko da na ƙarshe shekara goma sha bakwai.

Ya ce in ɗora yatsa a kan soixante in auna tsawonta, sannan in gwada da tabon. Tabon ya ɗan haura rabinta. Soixante harafi takwas ce, to dix mai uku ta yi gajarta, masu kalma biyu kuma sun yi tsawo. Saura deux da douze. Ya tambaya ko akwai ɗigo a sama, na ce babu. Ya tambaya ko wani harafi ya sauke wutsiya ƙasan layi. Na karkata takardar wajen taga, na ga wata ’yar lanƙwasa kamar ƙugiya kusa da ƙarshe. Ya ce a rubutun hannu irin na makarantun Faransanci z tana saukowa ƙasa da wutsiya, x kuwa ba ta sauka. Ya yi shiru, sannan ya ce douze ta fi kama.

Inna tana zaune a tabarma tana jin mu. Ta ɗaga murya ta ce ai an sha gaya mata tana goye aka yi juyin mulkin da Kunce ya kifar da Diori. Wannan a watan Afrilun 1974 ne, ya yi daidai da ’yar shekara biyu. Na yi murna na ce shi ke nan. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce, “Hajiya, na yarda da ke, amma ni abin da ke kan takarda nake fassarawa.”

Gaskiya a lokacin na ga girmansa. Bayan kwana huɗu da fassarar ta iso, sai haushin ya dawo mini sabo.

Kwana biyu ya ce, ya yi huɗu, bai kuma kira ya ba da haƙuri ba. Sannan a gurbin shekarar bai rubuta 1972 kai tsaye ba. Ya sa ta, amma da bayani a ƙasa cewa kalmar ƙarshe ta lalace a asali, kuma an karanto ta ne daga bayanin mai riƙe da takardar ta waya, shi bai ga asalin ba. Wurare uku kuma, sunan shaida na biyu da lambar shari’ar da rubutun cikin hatimi, ya rubuta cewa ba sa karantuwa. Lambar shari’ar ta fi ba ni takaici, don na faɗa masa ita. Matsalar ita ce 1 da 7: su can suna ja wa 1 dogon baki har ta yi kama da 7 tamu, 7 ɗinsu kuma suna ratsa ta da sanda a ciki. Ya tambaye ni ko akwai sandar, na ce ina zato. Da bakina na ce ina zato, shi kuma ya riƙe ni a kan maganata. Duk da haka cikakken kuɗin shafi ya karɓa, ko naira bai rage ba, alhali rabin aikin da idona da katina aka yi shi.

Lauya da ya gani bai yi ƙorafi ba. Cewa ya yi gara haka, domin idan ɗaya ɓangaren suka kawo mai jin Faransanci ya duba asalin ya tarar an cike gurbi da zato, takardar duka za a yi wa tababa. Ya ce in dai hatimin ne a nemi wani a Tasawa ya je kotun ya yanko sabon kwafi, abin da tun farko mai fassarar ya ambata a ƙarshen kiranmu, ni ce ban saurara ba saboda ina lissafin kati.

Tauraro huɗu na ba shi. Ɗayan na riƙe saboda kwana biyun da ya ƙara da rikicin G da J. Wanda zai kai masa tsohuwar takarda ya sa kati mai yawa, ya zauna kusa da taga da rana, kuma kada ya bari kowa a gida ya manne ta da leda. Tamu har yanzu ba mu san yadda za a ɓare ta ba tare da tawadar ta bi ledar ba.